Melatonin: agogon jiki lokaci yake ji, ba yawan ƙwaya ba

Wanda ya sayi melatonin a kemis, abu na farko da yake dubawa a jikin kwalba shi ne ƙarfinsa: miligiram 3 ne, 5 ne, ko 10. In ya sha bai ga barci ba, washegari sai ya ninka. Haka muka saba da maganin ciwon kai, shi ya sa ba a ganin laifinsa. Amma melatonin ba ya cikin magungunan da ke kwantar da mutum da ƙarfin tsiya. Sinadari ne da jiki ke fitarwa da kansa kowane dare domin ya sanar da gaɓoɓi cewa duhu ya shigo. Idan aka sha shi daga waje, abin da ya fi tasiri shi ne sa'ar da ya shiga jini. Rabin miligiram da aka sha a kan lokaci yana iya gyara barcin da miligiram 10 ya kasa gyarawa, kuma ƙwayar da ta jawo barcin wani gaba da yamma ita ce za ta tura shi baya idan ya sha ta da asuba.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi na ƙwayoyin jijiya wajen 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Yana zagayensa ko da an kulle mutum a ɗakin da babu taga babu agogon bango, sai dai zagayen nasa bai yi daidai da na rana ba. Binciken da Charles Czeisler da abokan aikinsa suka fitar daga Jami'ar Harvard a 1999 ya nuna cewa matsakaicin zagayen awa 24 ne da minti 11. Ke nan yawancinmu kullum agogonmu makara yake yi kaɗan, kuma dole a sake saita shi kowace rana. Haske ne ke yin wannan aikin. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi na daban da ba ruwansu da gane fuska ko karanta rubutu, aikinsu kawai su auna yawan haske su kai wa agogon rahoto, kuma hasken da ya karkata zuwa shuɗi ya fi tayar da su.

Daga agogon nan umarni ke fita zuwa wani ɗan ƙulli mai girman ƙwayar shinkafa a tsakiyar kai, wanda likitoci ke kira faniyal. Hanyar tana da zagaye: saƙon sai ya gangara ta lakar baya, ya biyo ta wani kumburin jijiya a wuya, sannan ya sake hawa cikin kai. Da rana agogon yana hana ƙullin aiki. Idan dare ya yi a lissafin agogon, kuma ido bai ga haske mai ƙarfi ba, sai ya sake shi, melatonin ya fara kwarara cikin jini. Yakan fara tashi awa 2 zuwa 3 kafin lokacin da mutum ya saba barci, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare ga mai kwanciya da wuri, ya ɓace bayan gari ya waye. Ɓeraye ma da dare suke fitar da shi, alhali su a lokacin ne suke fita neman abinci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa saƙon da yake ɗauke da shi shi ne “dare ya yi”. Abin da kowace halitta za ta yi da daren, wannan kuma nata ne.

Lokacin da melatonin ke fara tashi a jini, bari mu kira shi magaribar jiki. A ɗakin bincike ana gano ta ne ta hanyar zaunar da mutum cikin haske mai rauni, ana karɓar yawunsa duk rabin awa ko duk awa har a ga sa'ar da sinadarin ya fara hawa. Magaribar gari ɗaya ce ga kowa, amma ta jiki kowa da tasa. Dattijon da ke kwanciya bayan isha'i tasa na iya faɗuwa wajen ƙarfe 7 na yamma, ɗalibin da ba ya barci sai 3 na dare kuwa tasa sai bayan 12. Duk lissafin da za a yi a kan melatonin daga wannan sa'ar ake fara shi. Agogon da ke ɗaure a hannu ba ya faɗin komai sai an san inda agogon ciki ya tsaya.

Dalilin da ya sa ƙwaya ke iya motsa agogon shi ne, shi kansa curin nan yana da kafofin da ke jin melatonin. Saƙon da ya aika yana dawo masa. Idan melatonin ya iso shi awanni kaɗan kafin magaribar jiki, sai ya ɗauka dare ya yi da wuri, ya matso da zagayensa gaba, gobe barci ya zo da wuri kuma farkawa ta zo da wuri. Idan ya iso shi a ƙarshen barci ko bayan an tashi da safe, sai ya ɗauka daren bai ƙare ba, ya ja da baya, gobe barci ya ƙara makara. A tsakanin waɗannan biyun, wato farkon dare lokacin da jini ya riga ya cika da melatonin na jiki, ƙari daga waje kusan ba ya motsa agogon, domin labarin da ya kawo an riga an ji shi. Alfred Lewy da abokan aikinsa a jihar Oregon ta Amurka ne suka fara zana wannan taswira a jikin mutane a 1992. Daga baya Helen Burgess da Charmane Eastman a birnin Chicago suka sake auna ta da awo biyu. Sun ga cewa rabin miligiram ya fi matso da agogo gaba idan an sha shi awa 2 zuwa 4 kafin magaribar jiki, miligiram 3 kuma wajen awa 5 kafinta. Da aka ba kowanne a sa'ar da ta dace da shi, matsin da suka yi kusan ɗaya ne, duk da cewa ɗayan ya ninka ɗayan sau shida.

Labarin da ya fi fito da wannan magana fili na wasu makafi ne. Wanda idanunsa ba sa jin haske ko kaɗan, agogonsa ba shi da mai saita shi, sai ya riƙa zamewa kullum. Wasu makonni barcinsa ya dace da dare, wasu makonni kuma ya koma tsakar rana, haka yake ta zagaye. A shekarar 2000 Robert Sack da Lewy suka ba irin waɗannan mutane bakwai miligiram 10 kowane dare, shida daga ciki agogonsu ya tsaya a kan awa 24. Na bakwai, wanda zagayensa ya kai wajen awa 24 da minti 54, bai tsaya ba. Aka ƙara masa zuwa miligiram 20, nan ma shiru. Sai da aka sauke shi zuwa rabin miligiram sannan agogon nasa ya kamu. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, babban awo yana daɗewa a jini har ya zarce daga sa'o'in da ke matso da agogo gaba ya faɗa cikin waɗanda ke tura shi baya, abin da ya gina da dare ya rushe shi da safe. Ƙaramin awo kuwa ya isar da saƙonsa ya fita. Mutum ɗaya ne, ba a kafa doka a kansa, amma lissafin hanta yana goyon bayan bayanin.

Hanta tana cinye rabin melatonin da ke jini cikin kamar minti 45. Miligiram 0.3 ya isa ya kai jini matakin da yake kaiwa da kansa da tsakar dare. Miligiram 10 ya ninka wannan fiye da sau 30, saboda haka sai an raba shi biyu har sau biyar, kusan awa 4 ke nan, kafin ya sauko matakin dare na al'ada, sannan ya ɗauki wasu awannin kafin jini ya washe. Ga wanda hantarsa ke jinkiri abin ya fi haka tsawo, haka ma ga mai shan irin ƙwayar da aka yi ta don ta riƙa narkewa a hankali. Wannan ne tushen nauyin kai da kasalar da masu shan babban awo ke kuka da su da safe.

A ɗauki matashi ɗan shekara 20 da barci ba ya ɗaukarsa sai ƙarfe 3 na dare. Ranar da babu lacca, in an ƙyale shi, sai 11 na safe yake tashi, kuma barcin nasa mai daɗi ne ba yankewa. Ana yawan ganin irin wannan bayan dogon hutu, ko bayan azumi ga wanda ya saba raya dare har sahur sannan ya rama da hantsi. A gida ana ce masa malalaci, shi kuma ya san ko ya kwanta ƙarfe 11 juyi kawai zai yi ta yi. Yana da gaskiya. Awanni biyu zuwa uku da ke gab da magaribar jiki su ne lokacin da agogo ya fi riƙe mutum a farke, kuma tasa magaribar tana wajen 12 da rabi ne. Ƙarfe 11 a wurinsa daidai yake da a ce wa mai kwanciya ƙarfe 10 ya yi barci ƙarfe 6 na yamma.

Abin da ya saba yi shi ne ya riƙe waya har 2 na dare, sannan ya haɗiyi miligiram 10. A wannan sa'ar jininsa ya riga ya cika da nasa melatonin, ƙwayar ba ta matso da komai ba. Wataƙila ta ɗan sa shi gyangyaɗi, amma saurarta za ta kwana a jini har safiya ta tura agogon baya. In kuma ya farka da asuba ya ƙara wata don ya koma barci, to ya ƙara wa kansa nisa. Bayan mako biyu sai ya ce maganin jabu ne.

Gyaran yana farawa da takarda da biro. Ya yi mako guda yana rubuta sa'ar da barci ya ɗauke shi da sa'ar da ya farka da kansa, musamman ranakun da ba wanda ya tashe shi. In ya tabbata 3 ne zuwa 11, sai ya cire awa 2 da rabi daga ƙarfe 3 ya samu magaribarsa, 12 da rabi. Daga nan ya sake komawa baya da awa 2 zuwa 4, lokacin shan rabin miligiram ya faɗo tsakanin 8 da rabi da 10 da rabi na dare. A ce ƙarfe 9. Zai sha, kuma kada ya sa ran barci nan take, domin ba aikin da aka ba ƙwayar ke nan ba. Ya ci gaba da harkarsa cikin haske mai rauni, ya kashe farin ƙwan ɗaki ya bar ɗan ƙarami a gefe, ya kwanta wajen 2 da rabi. Akwai gwajin da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2018, a kan mutane 116 masu irin wannan matsala. An ba wasu rabin miligiram awa guda kafin lokacin da suke so su riƙa kwanciya, aka ba wasu ƙwayar da ba komai cikinta, kowa kuma aka ce ya kwanta a lokacin da ya zaɓa. Cikin mako huɗu masu shan melatonin sun riƙa yin barci da wuri da minti 34 fiye da ɗaya rukunin. Ga matashin namu mai son kwanciya ƙarfe 11, wannan tsarin zai sa ya sha ƙarfe 10, wanda bai fita daga tazarar da muka lissafa ba.

Ƙwaya kaɗai ba ta isa ba, domin haske ya fi ta ƙarfi a kan agogo, kuma shi ma yana da taswirarsa, kishiyar ta melatonin. Hasken farkon dare yana tura agogo baya, na safiya yana jawo shi gaba. Iyakar da ke tsakanin biyun tana faɗuwa ne lokacin da zafin jiki ya fi sauka, wajen awa 2 zuwa 3 kafin mutum ya farka da kansa. A nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suke ɓata aikin. Ga wanda ke tashi ƙarfe 11, iyakar tana wajen 8 na safe. In aka fito da shi rana ƙarfe 6 da rabi don a “karya masa lalaci”, a lissafin jikinsa tsakar dare ne aka haska masa fitila, agogon sai ya ƙara ja da baya. Abin da ya dace shi ne a kwanakin farko ya tashi wajen 10 da rabi, ya fita tsakar gida ya yi rabin awa zuwa awa guda a waje, ko a inuwa ce, don inuwar waje ta ninka hasken ɗaki sau da yawa. Sallar asuba ba ta shiga wannan rikici, tunda a lokacin rana ba ta fito ba. Ya tashi ya yi sallarsa, ya guji ƙwan fitila mai ƙarfi da fuskar waya, ya koma ya cika barcinsa.

Daga nan komai tare yake tafiya. Duk bayan kwana biyu ya matso da abu uku da rabin awa: lokacin ƙwaya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi da fita waje. Tazarar da yake son rufewa awa 4 ce, daga barcin ƙarfe 3 zuwa na ƙarfe 11 na dare, a wannan tafiya kuwa za ta ci kwana 16. Wanda ya manta ya matso da ƙwayar, ya bar ta a ƙarfe 9, zai ga bayan kwana goma abin ya tsaya cik, saboda magaribar tasa ta matso dab da lokacin ƙwayar. A ƙarshen tafiyar lokacin sha zai sauko wajen 5 zuwa 6 na yamma. Ko rabin miligiram yana sa wasu gyangyaɗi, don haka kada ya hau babur ko ya tuƙa mota bayan ya sha. In aikinsa bai ba shi damar haka ba, gara ya riƙe tsarin awa guda kafin kwanciya.

Alamar cewa lissafi ya yi daidai ita ce barci ya fara zuwa da kansa da wuri kuma tashin safe ya yi sauƙi cikin mako na farko. In kai ya yi nauyi har hantsi, awon ya yi yawa ko an sha a makare. In barci ya ƙara nisa, a binciki hasken sassafe da na dare kafin a zargi ƙwaya. In kuwa an kai ga buri aka koma kwana da waya da barcin Asabar har azahar, agogon zai zame cikin 'yan kwanaki, domin irin waɗannan mutane saurin komawa gidan jiya gare su. Tsayayyen lokacin tashi, har ranakun hutu, shi ke riƙe abin da aka samu.

Akwai kuma wanda duk wannan bai shafe shi ba. Masu binciken Ostireliyan nan da suka auna yawun waɗanda suka zo da wannan kuka, sun tarar sama da kashi 40 cikin 100 magaribar jikinsu ba ta makara ba, wani abu ne daban ke hana su kwanciya. Mai fama da tunanin bashi ko damuwa, mai ciwon da ke tashinsa, mai munsharin da numfashi ke yanke masa, mai shan shayi mai kauri ko kofi da dare, duk agogonsu na iya zama lafiya lau. A kan rashin barci na yau da kullum amfanin melatonin kaɗan ne: da aka tattara gwaje-gwaje 19 a 2013, matsakaicin saurin barcin da ya ƙara minti 7 ne, kuma a 2017 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a dogara da shi wajen rashin barci mai daɗewa a manya. Dattijon da barci ke kwashewa ƙarfe 8 ya farka 3 na dare kuwa, agogonsa gaba ya yi yawa. In aka ba shi melatonin da yamma an ƙara masa ciwon ne. Shi hasken farkon dare yake buƙata.

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin yana cin moriyar wannan lissafi ko bai sani ba. Tazarar awa 7 ce. Ƙarfe 11 na dare a can, jikinsa yana ƙarfe 4 na yamma, wato awanni kaɗan kafin magaribarsa, shi ya sa shan ƙwaya lokacin kwanciya yake yi masa aiki a wannan tafiya. Amma ƙarfe 7 na safe a can 12 na dare ne a jikinsa, don haka a kwana biyun farko gara ya kauce wa rana har wajen 11 na safe. Mai zuwa Umara, da tazararsa awa 2 ce kacal, galibi hasken rana ya ishe shi.

Matsalar da ta rage ita ce samun rabin miligiram ɗin. Yawancin kwalaben da ke kasuwa daga 3 suke farawa. Ana iya neman mai miligiram 1 a raba biyu, ko na ruwa mai abin ɗigawa, kuma a tabbata mai saurin narkewa ne. Sai dai abin da aka rubuta a kwalba ba kullum ne gaskiya ba, domin a ƙasashe irin su Amurka ana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci, ba a tsananta masa bincike kamar magani. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna iri 31, suka tarar wani bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ba, wani kuma ya ninka kusan sau shida. A Birtaniya sai da takardar likita ake ba da shi. Mai shan maganin damuwa da ake kira fuluboksamin ya sani wannan magani yana hana hanta cinye melatonin, ƙaramin awo sai ya zama babba, ƙwayoyin tsarin iyali ma suna ɗaga shi a jini. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, mai farfaɗiya, mai juna biyu da mai shayarwa su ga likita kafin su fara. Yaro kuwa ba a ba shi sai likita ya ce, irin wanda ake yi kamar alawa kuma a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.